Damar sayen hannun jari a wurin aiki: haraji ranar bayarwa ko ranar saye?

Kamfanoni da yawa a Turai da Amurka ba albashi kaɗai suke ba ma'aikaci ba. Sukan haɗa masa da takardar da ke cewa yana da damar sayen hannun jarin kamfanin nan gaba a kan farashin da aka yanke yau. Wannan shafi na amsa tambayoyin da suka shafi harajin wannan dama, kuma ya ɗauki ƙasashe biyu da suka bi hanyoyi mabambanta: Beljiyam, wadda ke karɓar harajinta tun ranar da aka ba ka damar, da Birtaniya, wadda ke jira sai ranar da ka saya. Misali ɗaya za mu bi daga farko har ƙarshe, na hannun jari 2,000 a kan 20 kowanne, domin lissafin ya fito fili.

Me aka ba ni ne takamaimai? Hannun jari ne ko alkawari?

Alkawari ne da ya ɗaure kamfani bai ɗaure ka ba. Kamfanin ya yarda zai sayar maka da hannun jari 2,000 a kan 20 kowanne a cikin wani wa'adi, ko da farashin kasuwa ya kai 50 ko 100. Kai kuwa ba dole. Idan farashin ya faɗi zuwa 15, sai ka ƙyale, domin ba mai hankalin da zai sayi abin 15 a kan 20. Kafin ka saya ba ka da hannun jari ko ɗaya, ba ka da rabon riba, ba ka da ƙuri'a a taron masu hannun jari.

Ranaku huɗu ne ke tafiyar da al'amarin. Akwai ranar da aka ba ka damar. Akwai ranar da damar ta nuna, wato ka cika shekarun aikin da aka sharɗanta har ya halatta ka yi amfani da ita. Akwai ranar da ka biya kuɗi ka saya. Sannan akwai ranar da ka sayar. A shafin dillalin da kamfani ke amfani da shi za ka ga waɗannan da sunayen `Grant date`, `Vest date`, `Exercise date` da `Sale date`, farashin da aka yanke kuma shi ne `Exercise price` ko `Strike price`. Duk gardamar haraji a kan ta farko da ta uku take.

To me ya sa ƙasashe ba su daidaita a kan rana ɗaya ba?

Saboda kowace rana tana da hujjarta. Mai cewa ranar bayarwa yana kafa hujja da cewa damar kanta dukiya ce: ko da farashin yarjejeniya daidai yake da na kasuwa a yau, akwai wanda zai biya kuɗi don ya riƙe wannan dama na shekara biyar. Ladan aikin ke nan, kuma a ranar aka ba da shi. Abin da ya biyo baya sa'ar kasuwa ce. Mai cewa ranar saye kuma yana cewa ba a san ƙimar abin ba sai ya zama kuɗi, kuma ma'aikaci ba zai iya sayar da damar ga wani ba, sannan yana iya rasa ta idan ya bar aiki.

Kamar a ce hukuma za ta karɓi haraji a kan gona ne. Ɗaya ta zo ranar shuka ta yi ƙiyasi ta karɓi ɗan abu kaɗan, ba ruwanta da ko damina ta yi kyau ko fari ya cinye. Ɗayar ta jira kaka ta auna abin da aka girbe ta ɗauki kusan rabi.

Birtaniya ma ta taɓa zama a ɓangaren farko. A 1954 wani sakataren kamfani mai suna Abbott ya biya fam 20 aka ba shi damar sayen hannun jari 2,000 na kamfaninsu. Da ya sayi wani ɓangare bayan farashi ya tashi, hukumar haraji ta nemi kasonta daga ratar da ke tsakanin farashin kasuwa da wanda ya biya. Shari'ar, wadda aka sani da Abbott da Philbin, ta kai Majalisar Iyayen Ƙasa, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, kuma a 1960 ta yanke cewa amfanin da ya samu daga aiki ya samu ne ranar da aka ba shi damar. Gwamnati ba ta ji daɗin wannan hukunci ba, domin ya bar babbar riba ba haraji. A dokar kuɗi ta 1966 majalisar dokoki ta juya lamarin zuwa ranar saye, kuma a nan yake har yau, yanzu a ƙarƙashin dokar harajin albashi da fansho ta 2003.

Ina aiki a Beljiyam. Yaya ake lissafa harajin ranar bayarwa alhali ban ci ko sisi ba?

Dokar 26 ga Maris 1999 ce ta tsara shi, kuma ba ta wahalar da kanta wajen neman ainihin ƙimar damar ba. Ƙiyasi ta kafa. Idan damar ba irin wadda ake cinikinta a kasuwar hannun jari ba ce, kuma galibin na ma'aikata haka suke, ana ɗaukar kashi 18 cikin 100 na ƙimar hannun jarin a lokacin tayin a matsayin amfanin da ka samu. Wannan na damar da wa'adinta bai wuce shekara biyar ba ne. Kowace shekara ko guntun shekara da ta ƙaru a kan biyar, ana ƙara kashi 1.

Ana raba wannan kaso biyu, ya dawo kashi 9 da ƙarin rabin kashi a kowace shekara, idan an cika wasu sharuɗɗa gaba ɗayansu. Dole a yanke farashin saye tun lokacin tayi. Dole ya zama ba za a iya amfani da damar ba kafin ƙarshen shekara ta uku bayan shekarar tayin, kuma ba bayan ƙarshen ta goma ba. Dole ya zama ba za ka iya miƙa ta ga wani ba muddin kana raye. Kada kamfani ya ɗauke maka haɗarin faɗuwar farashi ta kowace hanya. Sannan hannun jarin ya zama na kamfanin da kake wa aiki ko uwar kamfaninsa.

Ga lissafin. A watan Maris 2025 an yi wa wata injiniya a Antwerp tayin hannun jari 2,000 a kan yuro 20, farashin kasuwa ma 20, wa'adi shekara biyar, an cika duk sharuɗɗan.

```
ƙimar hannun jari = 2,000 × 20     = 40,000
amfanin da doka ta ƙiyasta = 9%    =  3,600
haraji = 3,600 × 53.5%             =  1,926
```

Kashi 53.5 ɗin ya fito ne daga kashi 50, wanda shi ne matakin ƙoli na harajin kuɗin shiga a Beljiyam kuma ana shigarsa tun daga wajen yuro dubu 50 a shekara, haɗe da ƙarin ƙaramar hukuma. Ƙarin ya bambanta daga gari zuwa gari. Mun ɗauki kashi 7 na harajin, wanda ke kusa da abin da aka saba gani. Da sharuɗɗan ba su cika ba, amfanin zai zama 7,200, harajin kuma 3,852. Da wa'adin shekara goma ne, kason zai zama 11.5 idan sharuɗɗa sun cika, ko 23 idan ba su cika ba, harajin ya zama 2,461 ko 4,922.

Abu ɗaya da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne tsukewar lokaci. Tayin 2025 na nufin ba za ta iya saye ba sai daga 1 ga Janairu 2029, damar kuma za ta mutu a Maris 2030. Ta biya haraji a 2025 don taga mai faɗin wata goma sha biyar kacal. Shi ya sa wasu ke ganin gara a biya kashi 11.5 a samu wa'adin shekara goma. Idan kuma ta karya sharaɗi, misali ta saya kafin lokaci saboda an sayar da kamfanin, ɗaya rabin da aka rangwanta mata zai dawo kanta a shekarar.

Idan tun ranar tayi farashin yarjejeniya ya gaza na kasuwa, a ce kasuwa 20 aka ba ta a kan 17, wannan rata ta yuro 3 sau 2,000, wato 6,000, ana ɗora ta a kan ƙiyasin.

Mene ne batun kwana 60 da ake ta ja min kunne a kai?

Shi ne mabuɗin tsarin gaba ɗaya. Harajin ranar bayarwa yana hawa kanka ne kawai idan ka karɓi tayin a rubuce cikin kwana 60. Ko ka sa hannu a rana ta biyu ko ta hamsin, doka na ɗaukar cewa an ba ka damar a rana ta 60, kuma ranar ce ke tantance watan da za a cire harajin daga albashi da shekarar da zai shiga. Tayin da aka yi a tsakiyar Nuwamba yana faɗawa shekara mai zuwa ke nan.

Idan ba ka sa hannu cikin wa'adin ba amma kamfani ya bar ka da damar, hukumar haraji na ɗaukarta a matsayin sayen hannun jari da rangwame, sai ta jira ranar saye ta caji dukan ratar kamar albashi. Wannan ya sa ma'aikaci a Beljiyam yake da abin da takwaransa na Birtaniya ba shi da shi: a aikace yana iya zaɓar ranar harajinsa, idan tsarin kamfaninsa ya ba da wannan ƙofa. Ba kowane tsari ke bayarwa ba. Wasu kamfanonin sun rubuta cewa wanda bai sa hannu ba ya ƙi tayin ke nan, don haka a karanta takardar kafin a yi shiru da gangan.

Wanne ya fi min sauƙi ke nan, in biya yanzu ko in jira?

Akwai hanya mai sauƙi ta gano inda ma'aunin yake rinjaya. Kashi 9 na yuro 20 shi ne 1.80 a kan kowane hannun jari. Wannan shi ne abin da ake cajin injiniyar Antwerp a kai idan ta biya yanzu. Idan ta jira, za a caje ta a kan ratar da ke tsakanin farashin kasuwa da 20. Muddin matakin harajinta bai canza ba, hanyoyin biyu suna yin kunnen doki ne a farashin 21.80. Sama da haka, biyan farko ya fi. Ƙasa da haka, jira ya fi. Idan kashi 18 ne, iyakar ta koma 23.60. Sai a ɗan ƙara wani abu a kai, saboda kuɗin da ta fitar a 2025 da ya yi mata wani aikin a cikin shekaru huɗun.

Mu ɗauka a 2029 farashi ya kai yuro 50. Ratar ita ce 30 sau 2,000, wato 60,000. Wadda ta sa hannu ta riga ta biya 1,926, kuma ranar saye ba a neman komai a wurinta, don haka ta tashi da 58,074. Wadda ba ta sa hannu ba za ta biya 32,100 a kan kashi 53.5, ban da kuɗin inshorar ma'aikata da ka iya hawa kai, ta tashi da 27,900 ko ƙasa da haka. Bambancin ya haura dubu 30.

Yanzu mu juya. A ce farashin ya tsaya a 15 har damar ta mutu. Wadda ta sa hannu ta yi asarar 1,926 ɗinta, kuma babu maido da shi: ba a cire shi daga harajin wata shekara, ba a ɗaukarsa asarar jari. Haka nan idan ta bar aiki a shekara ta biyu damar ta ɓace bisa ƙa'idar kamfani. Wadda ta jira ba ta biya ko kwabo ba.

A ganina, wanda ke aiki a kamfani mai ƙarfi da ke kasuwar hannun jari, yana da niyyar zama shekara huɗu, kuma harajin bai fi abin da zai iya rasawa ba tare da ya shiga bashi ba, sa hannu ya fi masa. Tashin kashi 9 cikin shekara huɗu ko biyar ba wani dogon buri ba ne. Inda nake jin tsoro shi ne ƙananan kamfanoni masu tasowa, waɗanda aka kumbura ƙimarsu a zagayen neman jari na baya-bayan nan. Ƙiyasin na hawa ne a kan wannan kumburarriyar ƙima, adadin damar da ake bayarwa yakan yi yawa, hannun jarin kuma ba shi da kasuwar da za a sayar da shi. Mutum na iya biyan harajin da ya kai albashinsa na wata uku a kan takardar da ba za ta taɓa zama kuɗi ba.

Ni a Birtaniya nake. Ba a caje ni komai ba ranar da aka ba ni. Nawa zan biya ranar saye?

Idan damar ta gama-gari ce, wato ba ta cikin tsare-tsaren da hukumar harajin Birtaniya, HMRC, ta yi wa rangwame, babu haraji ranar bayarwa, babu ranar da ta nuna. Ranar saye ne ake ɗaukar farashin kasuwa a cire farashin yarjejeniya, a cire duk abin da ka biya don samun damar idan akwai, sauran ya zama kuɗin shiga na aiki a wannan shekarar haraji. Shekarar harajin Birtaniya na farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu.

Mu ɗauki wani ma'aikaci a Manchester mai albashin fam 60,000, da alkaluman shekarar 2025/26 na Ingila, domin Sikotland na da nata matakan. Ya sayi hannun jari 2,000 a kan fam 20 ranar da kasuwa take 50. Ratar 60,000 ce, kuma tana hawa ne a saman albashinsa, jimilla 120,000.

Yawancin mutane za su buga kashi 40 su samu 24,000, su ce shi ke nan. Akwai saura. A Birtaniya fam 12,570 na farko ba a biyan haraji a kansu, amma da zarar kuɗin shiga ya haura 100,000, ana zaftare fam 1 daga wannan rangwame a kan kowane fam 2. Mutuminmu ya haura da 20,000, don haka ya rasa 10,000 na rangwamensa, wanda shi ma za a caje shi kashi 40 a kai. Sannan akwai inshorar ƙasa, wani kuɗi da ake cirewa daga albashi ban da haraji.

```
rata = (50 − 20) × 2,000          = 60,000
haraji 40%                        = 24,000
rangwamen da ya rasa 10,000 × 40% =  4,000
inshorar ƙasa 2% × 60,000         =  1,200
jimilla                           = 29,200
abin da ya rage masa              = 30,800
```

Da ya raba sayen gida biyu, rabi a watan Maris rabi bayan 6 ga Afrilu, kowace shekara zai tsaya a 90,000, kuma wannan 4,000 ɗin ba za ta taso ba. Wannan dabara ce halastacciya, iyaka dai yana ɗaukar haɗarin motsin farashi tsakanin ranakun biyu.

A takardata an rubuta cewa ni zan biya inshorar ƙasa ta kamfani. Hakan ya halatta?

Ya halatta a kan damar hannun jari, kuma ya zama ruwan dare. Kason kamfani kashi 15 ne tun Afrilu 2025, wato fam 9,000 a kan ratar 60,000. Sauƙin da doka ta yi shi ne ana cire wannan 9,000 daga abin da za a caji harajin kuɗin shiga a kai, ya koma 51,000. Harajin ya zama 20,400, da 2,200 na rangwamen da ya rasa, jimilla 22,600. A haɗa da 9,000 da 1,200, ya tashi 32,800. Abin da zai rage masa 27,200 ne maimakon 30,800. Wannan sharaɗi yakan ɓuya a shafukan ƙarshe na yarjejeniyar, kuma mutane kan gano shi ne ranar da suka ga takardar albashi.

Daga ina zan samo kuɗin saye da na haraji a rana ɗaya?

Mutumin Manchester na buƙatar 40,000 na saye da 29,200 na haraji, wato 69,200. Idan hannun jarin na da kasuwa, kamfani ne ke cire harajin ta hanyar PAYE, wato tsarin cire haraji daga albashi, kuma dillali kan ba da zaɓi. Ko ya sayar da duka a ranar ya miƙa maka ragowar, ko ya sayar da iya abin da zai biya kuɗaɗen. A farashin 50, hannun jari 1,384 ne za su tafi, 616 su rage, ban da ladan dillali.

Idan kamfani ya biya harajin daga aljihunsa saboda albashinka bai isa a cire ba, dole ka mayar masa cikin kwana 90 bayan ƙarshen shekarar harajin. In ka wuce, kuɗin da ya biya maka ana ɗaukarsa wani sabon amfani, a sake cajinka a kai.

Na saya na riƙe, daga baya na sayar. Akwai wani harajin kuma?

Akwai, amma a kan tashin da aka samu bayan ranar saye kaɗai. A nan ne kuskure mafi tsada yake faruwa. Kuɗin da ake ɗauka ka sayi hannun jarin da shi ba 20 ba ne. 20 ne haɗe da 30 ɗin da aka riga aka caje ka a kai, wato 50.

A ce a wata shekarar ya sayar da duka 2,000 a kan fam 58. Ribar jari ita ce 8 sau 2,000, wato 16,000. A cire 3,000 da ake yafewa kowace shekara, saura 13,000, a kan kashi 24 na masu babban mataki, haraji 3,120. Wanda ya rubuta 20 a matsayin kuɗin saye zai nuna ribar 76,000 ya biya 17,520, ya yi kyautar 14,400 a kan kuɗin da an riga an ci haraji a kansa. Yadda za ka gane ka faɗa wannan rami: duba takardar dillali, idan abin da ta nuna a `Cost basis` daidai yake da farashin yarjejeniya, to bai haɗa da ratar ba, sai ka gyara da kanka ka ajiye takardar albashin watan da ka saya a matsayin shaida.

A Beljiyam an daɗe ba a cajin ribar hannun jari ga mutumin da ke tafiyar da dukiyarsa yadda aka saba. A 2025 gwamnati ta amince da shirin harajin kashi 10 a kan irin wannan riba daga Janairu 2026, tare da yafe yuro 10,000 na farko a shekara, don haka mai sayarwa daga wannan lokaci ya sa shi cikin lissafi.

Idan farashin ya faɗi bayan na saya fa?

Wannan shi ne ramin tsarin ranar saye, kuma ya fi na ranar bayarwa zurfi. Harajin ya riga ya daskare a kan farashin 50. A ce mutuminmu ya biya 69,200 daga ajiyarsa ya riƙe duka, farashi ya gangaro zuwa 25 ya sayar. Ya karɓi 50,000, ya fitar da 69,200, ya yi asarar 19,200 a kan damar da a takarda ta ba shi riba. Doka za ta ba shi asarar jari ta 50,000, amma ba a cire ta daga albashi, sai daga wata ribar jari ta wannan shekara ko ta gaba, wadda mai yiwuwa ba shi da ita. Irin wannan ya rutsa da ma'aikatan kamfanonin fasaha a Amurka a 2000 da 2001, waɗanda suka saya a ƙololuwar kasuwa suka riƙe, harajin ya zo ya fi ƙimar abin da ke hannunsu. Wanda zai riƙe, aƙalla ya sayar da abin da zai biya harajin a ranar.

Na ji ana cewa wasu ba sa biyan harajin albashi ko ranar saye.

Gaskiya ne, ga masu tsare-tsaren rangwame. A tsarin EMI na ƙananan kamfanoni, wanda iyakarsa fam 250,000 ne ga kowane ma'aikaci, idan farashin yarjejeniya bai gaza na kasuwa ranar bayarwa ba, babu harajin albashi ko inshora ranar saye. Haka tsarin CSOP, mai iyakar fam 60,000 tun Afrilu 2023, idan an jira shekara uku. A nan dukan ribar daga 20 zuwa farashin sayarwa tana shiga harajin jari ne. Sunan tsarin yana rubuce a takardar bayarwa. Idan babu, ɗauka ta gama-gari ce.

An ba ni a wata ƙasa, na koma wata kafin in saya. Wa zan biya?

Mai yiwuwa dukansu. Ƙa'idar da OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, ta shimfiɗa, wadda yarjejeniyoyin haraji da dama ke bi, ita ce a raba amfanin bisa kwanakin aikin da aka yi a kowace ƙasa tsakanin ranar bayarwa da ranar da damar ta nuna. Wanda ya yi shekara ɗaya a Brussels da biyu a London cikin shekara uku na jira, kashi biyu bisa uku na ratar, wato 40,000 daga 60,000, aikin Birtaniya ne, kuma Birtaniya za ta caje shi ranar saye duk da ya biya Beljiyam tun farko. Matsalar ita ce ƙasashen biyu sun caji adadi daban a shekaru daban, don haka neman a cire harajin ɗaya daga ɗaya yakan zo da wahala. Mai shirin ƙaura ya yi wannan lissafi kafin ya sa hannu cikin kwana 60 ɗin.

Ina zaune a Najeriya ina wa kamfanin waje aiki. Wane ɓangare nake?

Hukumar harajin jihar Legas ta fitar da sanarwa a 2017 da ta ɗauki ranar saye, tana cajin ratar da ke tsakanin farashin hannun jarin da abin da ma'aikaci ya biya, kuma ta ɗora wa kamfani alhakin cirewa. Harajin albashi a Najeriya na zuwa ne ga jihar da mutum yake zaune, don haka mazaunin Kano ko Kaduna hukumar jiharsa zai tuntuɓa, musamman da yake sababbin dokokin haraji sun fara aiki a Janairu 2026. Idan kamfanin ba shi da ofis a ƙasar da zai cire maka, kai ne za ka bayyana da kanka. Ka ajiye takardar bayarwa, da farashin kasuwa na ranar da ka saya, da canjin dala zuwa naira na wannan ranar, domin da su za a buga ratar.